Baƙin Zirin Sama da Ƙasa: Yadda Ake Yanke Shi Daga Hoton Fim Ba Tare da An Ci Hoton Ba

Duk wanda ya taɓa tsayar da fim a waya ko a kwamfuta ya ɗauki hoton abin da ke kan allo ya san wannan: hoton da yake so yana tsakiya, amma sama da ƙasa akwai baƙin ziri da ya saka shi a tsakiya. Lokacin kallo ido ba ya damuwa da shi, balle in ɗakin da duhu. Sai an zo ɗora hoton a kan farar takardar mujalla, ko a fastar talla, ko a rubutun ɗalibin da ke nazarin fim, nan ne baƙin ke fitowa ƙuru-ƙuru. Yawancin mutane sukan ja kusurwar hoton da yatsa har sai baƙin ya ɓace, su adana, su wuce. Cikin abu biyu ɗaya ne ke biyo baya: ko dai wani siririn baƙin zare ya rage a bakin hoton, wanda ba a gani sai bayan an buga, ko kuma an datse saman hular jarumi ba a sani ba. Dukansu suna da magani ɗaya, wato a daina yanka da ido, a koma yanka da lamba.

Kafin a kai ga lamba, yana da kyau a san daga inda zirin ya fito, domin sanin asalinsa shi ke ba mutum damar ƙiyasta kaurinsa tun kafin ya auna. Allon talabijin na zamani da yawancin fayilolin bidiyo suna da siffar 16:9, wato in faɗi ya kai kashi 16, tsayi kashi 9 ne. Finafinan silima da yawa sun fi haka faɗi. Tun 1953, da kamfanin 20th Century Fox ya fito da tsarin CinemaScope a fim ɗin The Robe, masu shirya fim suka kama son hoto mai shimfiɗa, kuma Indiya ta bi sahu a 1959 da fim ɗin Guru Dutt mai suna Kaagaz Ke Phool. Siffar da ta zauna daga baya ita ce 2.39:1, faɗi ya ninka tsayi sau biyu da ɗoriya. To in za a saka irin wannan hoto a cikin allon 16:9 ba tare da an yanke gefensa ko an matse fuskokin mutane ba, dole faɗinsa ya cika allon, tsayinsa kuma ya gaza. Gurbin da ya rage sama da ƙasa shi ake cikewa da baƙi. Babu wani hoto da ke ɓoye a ƙarƙashinsa a cikin fayil ɗin da ke hannunka. Baƙi ne zalla, don haka cire shi ba ya rage komai daga fim ɗin, muddin an tsaya daidai kan iyaka.

Hoton kwamfuta jerin ƙananan ɗigogi ne da ake kira fiksel, an jera su sahu-sahu. Bidiyon da ake ce wa 1080 yana da fiksel 1920 a faɗi, da sahu 1080 daga sama zuwa ƙasa. In aka raba 1920 da 2.39 za a sami 803 da ’yan kai. Masu haɗa faifai ba sa son lamba mai guntu, shi ya sa a aikace za ka fi cin karo da tsayin 800, wani lokaci 804. In 800 ne, abin da ya rage daga 1080 shi ne 280, a raba biyu, kowane ziri ya tashi da sahu 140. In 804 ne, kowanne 138. Tsofaffin finafinai masu siffar 2.35:1 sukan zo da tsayin 816 ko kusa da haka, ziri 132. Fim mai siffar 1.85:1 kuwa zirinsa siriri ne, wajen sahu 20 zuwa 22, har mutum kan ɗauka babu shi sai ya ɗora hoton a kan fari.

Wannan lissafi ƙiyasi ne kawai. Yana gaya maka inda za ka je ka duba, ba ya gaya maka inda za ka yanka. Tsakanin 138 da 140 sahu biyu ne rak, amma su ne ke raba hoto mai tsabta da mai baƙin zare. Sannan ba kowane fim ne aka daidaita shi tsakiya cif ba. Akwai wanda zirin samansa ya fi na ƙasa da sahu biyu, akwai wanda aka tura hoton sama da gangan don a bar wa rubutun fassara fili a ƙasa. Saboda haka gefe huɗun nan kowanne ana auna shi da kansa.

Tun daga ɗaukar hoton ake cin nasara ko a faɗi

Akwai bambanci babba tsakanin hoton allo da hoton da manhajar kallo ta ciro daga cikin fayil. In ka danna maɓallan waya ka ɗauki allo, abin da ka samu shi ne fim ɗin bayan waya ta rage shi ko ta buɗa shi don ya dace da allonta. In kuwa manhajar kallo ce ta ciro, tana ba ka firam ɗin a girmansa na asali, ko da tagar da kake kallo ƙarama ce. A VLC na kwamfuta ana shiga `Video` a zaɓi `Take Snapshot`, ko a danna `Shift+S` a Windows. A manhajar mpv, ƙaramin `s` yana ɗauka har da rubutun fassara, babban `S` kuma yana ɗaukar hoton tsurarsa. Duk wanda ke da fayil ɗin fim a hannu, wannan hanya ya kamata ya bi, kuma ya adana a matsayin PNG, domin PNG ba ya zubar da komai daga hoton duk sau nawa aka buɗe aka sake adanawa.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Fim ne mai faɗi a cikin fayil na 1920 da 1080, an ciro firam ɗinsa da VLC, an buɗe a GIMP, wadda manhaja ce ta kyauta. Abu na farko shi ne a ƙara girman kallo zuwa kashi 800 cikin ɗari, a gangara zuwa inda baƙi ya haɗu da hoto. A wannan girma kowane fiksel yana fitowa a matsayin ɗan murabba’i da ido ke iya ƙirgawa. In ka ɗora linzami a kan sahun farko da ke ɗauke da launi, a kusurwar ƙasa ta hagu GIMP za ta nuna maka lambobi biyu, na faɗi da na tsayi. A ce na tsayin ya nuna 140. Nan ne mutane ke tuntuɓe, domin kwamfuta daga sifili take fara ƙirga. Sahun farko na hoton gaba ɗaya lambarsa 0, don haka baƙin ya kama daga 0 zuwa 139, sahu 140 cur, kuma sahun da ake kira 140 shi ne na farko na fim. Ka gangara ƙasa ka yi haka nan: sahun ƙarshe mai launi ya nuna 939. Tsayin hoton ba 939 a cire 140 ba ne, wanda zai ba da 799. Sai an ƙara ɗaya, tunda sahun farko da na ƙarshe duk suna ciki. Ka sami 800.

Daga nan aikin ya zama na rubuta lamba. Ka ɗauki kayan yanka da `Shift+C`, ka ja kowane irin akwati a kan hoton, sannan ka je gefen zaɓuɓɓuka ka rubuta 0 da 140 a `Position`, ka rubuta 1920 da 800 a `Size`, ka danna `Enter`. Wanda ya saba da rubuta umarni yana iya yin wannan duka a layi ɗaya da ImageMagick:

```
magick hoto.png -crop 1920x800+0+140 +repage sabo.png
```

Lambobi biyun farko faɗi da tsayin abin da za a riƙe ne, biyun ƙarshe kuma inda kusurwar sama ta hagu za ta fara. Kalmar `+repage` da ke ƙarshe ba ado ba ce. In aka bar ta, fayil ɗin PNG zai ci gaba da riƙe bayanin cewa shi yanki ne na wani babban shafi mai tsayin 1080, kuma wasu manhajoji za su buɗe shi a karkace, da fili a sama.

Iyakar da ba ta da kaifi

Da a ce koyaushe sahu 139 baƙi ne wuluk, sahu 140 kuma hoto ne tsantsa, da maganar ta ƙare a nan. Sau da yawa ba haka ake tararwa ba, kuma dalilan sun cancanci a tsaya a kansu.

Na farko matse bidiyo ne. Don fim na awa biyu ya shiga cikin waya, ana matse shi, kuma tsarin matsewa irin H.264 yana rarraba hoto zuwa ƙananan murabba’ai na fiksel 16 da 16, ya taƙaita abin da ke cikin kowanne. Lambar 140 ba ta rabuwa da 16. Murabba’in da ya kama daga sahu 128 zuwa 143 yana ɗauke da sahu goma sha biyu na baƙi da huɗu na hoto a ciki ɗaya. Idan an matse da ƙarfi, kamar yadda ake yi wa finafinan da ake turawa daga waya zuwa waya, haske yakan ɗan tsiyaya cikin baƙin, baƙin ma ya ɗan ɓata sahun farko na hoton. In ka ƙara girma za ka ga wasu ’yan ɗigogi masu toka-toka suna yawo a saman iyakar. Waɗannan ba na fim ba ne, dattin matsewa ne, kuma ba su cancanci a matsar da iyaka sama dominsu ba.

Na biyu kuma ya fi shafar masu ɗaukar allon waya, don haka bari mu sake bin fim ɗin nan namu, amma a waya mai allon 1600 da 720, girman da ake yawan samu a wayoyi masu sauƙin kuɗi. In aka kwantar da wayar, bidiyon 16:9 zai cika tsayin 720, faɗinsa ya zama 1280. Saura 320 daga 1600, wato baƙin ziri 160 a hagu, 160 a dama, wanda wayar ce ta ƙara da kanta. Sama da ƙasa kuma ga zirin da ke cikin fayil ɗin tun asali. Hoton ya zama tsibiri, baƙi ta ko’ina. Yanzu lura da abin da ya faru da 140 ɗin nan. Wayar ta rage komai zuwa kashi biyu cikin uku, 140 ya koma 93 da sulusi. Babu sulusin fiksel a duniya. Abin da waya za ta yi shi ne ta gauraya: sahun da ake kira 93 zai ɗauki kashi ɗaya na baƙi, kashi biyu na hoto. In sararin samaniya ne mai haske a wurin, wanda ƙarfin haskensa ya kai 210 a ma’aunin da ke tashi daga 0 zuwa 255, wannan sahu zai fito wajen 140, toka-toka. Shi ne zaren da ake gani a bakin hotuna da yawa da ke yawo. Mai yankan ya yi ƙoƙarinsa, ya cire duk abin da ya gani baƙi ne, amma ya bar sahun da ba baƙi ba ne kuma ba hoto ba.

Hukuncin irin wannan sahu a yar da shi. A ƙasa ma haka abin yake, iyakar ta faɗo a 626 da kashi biyu cikin uku, don haka sahu 626 gauraye ne. Tsabtatattun sahu sun kama daga 94 zuwa 625, guda 532. Yankan zai zama:

```
magick allo.png -crop 1280x532+160+94 +repage sabo.png
```

Wani lokaci gaurayen yakan kai sahu biyu, gwargwadon dabarar da manhajar kallo ke bi wurin rage hoto. In haka ne a ƙara cire ɗaya. A nawa ganin asarar sahu ɗaya cikin ɗari biyar ba abin tashin hankali ba ne, babu idon da zai gane, amma zare mai duhu a kan farar takarda kowa zai gani. Haka kuma kada a amince cewa 160 ɗin hagu da dama daidai suke. Wasu wayoyi sukan kauce wa ramin kyamarar gaba, su ture bidiyon gefe ɗaya, sai zirin wani ɓangare ya fi na ɗayan kauri.

Akwai dabara mai sauƙi ta fito da iyakar da ido ya kasa gani. A yi kwafin hoton, a shiga `Colors` a zaɓi `Levels`, a ja maɓallin tsakiya zuwa hagu sosai har duhun hoton ya washe. Kwafin zai yi muni, launuka su ƙone, amma ba shi za a buga ba. Amfaninsa shi ne duk wani abu da ya ɗara baƙi ko da kaɗan ne zai taso ya bayyana, zirin kuma ya zauna shafe ɗaya ba tabo. Sai a karanta lambobin a jikin kwafin, a yi yankan a jikin na asali.

Me ya sa ba za a bar wa manhaja ta yi da kanta ba

Tambaya ce mai kyau, domin kusan kowace manhajar gyaran hoto tana da umarnin share gefe. A GIMP sunansa `Crop to Content`, a ImageMagick kuma `-trim`. Suna duba launin da ke kusurwa, su yi ta cire sahu har sai sun ci karo da launin da ya bambanta. A hoto mai tsabta, mai haske, suna yin daidai. Matsalarsu ita ce sun cika gaskiya: ɗigo ɗaya tak mai lamba 2 a maimakon 0 ya isa ya tsayar da su, su bar maka sahu goma na baƙi. Shi ya sa ake sassauta musu da `-fuzz`, a ce su ɗauki duk abin da ke kusa da baƙi a matsayin baƙi. Na fi son in sa manhajar ta faɗi abin da ta gani kafin ta taɓa komai:

```
magick hoto.png -fuzz 5% -trim info:
```

A cikin amsar za a ga wani abu kamar `1920x800 1920x1080+0+140`, wato girman da ta gano da kuma inda ya fara. In lambobin sun yi kama da waɗanda lissafi ya yi hasashe, madalla. In ta ce `1640x610`, to akwai magana.

Maganar kuwa yawanci duhu ne. Ɗauki fitowar dare, jarumi a tsaye a ƙofar gida, fitila ɗaya a gefensa, samansa baƙin sararin samaniya. A wurin manhaja babu bambanci tsakanin baƙin dare da baƙin ziri. Za ta ci zirin, ta zarce cikin daren, ba za ta tsaya ba sai ta iso hasken fitila. Sakamakon hoto ne da ba shi da baƙin gefe, gaskiya ne, amma ba shi ne hoton da darakta ya tsara ba. Ya bar wannan duhun a saman kan jarumin ne don ya nuna kaɗaici ko tsoro, kai kuma ka datse shi. Ƙara yawan `-fuzz` yana ƙara wannan ɓarnar, rage shi kuma yana dawo da matsalar datti. Babu lambar da ke maganin duka biyun.

Mafita tana cikin wata gaskiya mai sauƙi: zirin na fim ne, ba na firam ɗaya ba. Kaurinsa a minti na goma shi ne kaurinsa a minti na casa’in. Don haka ba a auna shi a fitowar da ake so in tana da duhu. A nemi wata fitowa ta rana tsaka a cikin fim ɗin, inda sama fari ne ƙasa kuma yashi ko farin bango, a ɗauke ta ta hanya ɗaya da girma ɗaya, a auna a nan, sannan a kai lambobin kan hoton dare. Tela ba ya auna mutum a cikin duhu, amma in ya riga ya rubuta awon, ko yaushe yana iya yanka.

Wanda ke da fayil ɗin yana iya sa ffmpeg ta duba firam masu yawa a jere ta faɗi iyakar da ta tattaro:

```
ffmpeg -ss 600 -i fim.mkv -t 60 -vf cropdetect=24:2:0 -f null -
```

Wannan yana tsallake minti goma na farko, inda sunaye da baƙin allo suka fi yawa, ya duba minti ɗaya. Lambar 24 ita ce iyakar abin da za a ɗauka baƙi ne. Dalilin da ya sa ba 0 ba shi ne a tsarin bidiyo baƙi yana zama ne a lamba 16, fari a 235, don haka 24 ta bar ɗan rata don datti. Lamba ta biyu, wato 2, ita ce mutane ke mantawa. In ba a rubuta ta ba, ffmpeg tana amfani da 16, ma’ana tana rage tsayin zuwa lambar da ke rabuwa da 16. Fim mai tsayin 804 sai ta ce maka 800 ne, ka yar da sahu huɗu na hoto kana ganin ka yi daidai. Ga mai sake matse bidiyo wannan yana da dalilinsa, amma ga mai son hoto ɗaya asara ce kawai. A ƙarshen kowane layi za a ga amsa kamar `crop=1920:800:0:140`, kuma ana iya mayar da ita kai tsaye don ciro firam ɗin a yanke:

```
ffmpeg -ss 00:42:10 -i fim.mkv -frames:v 1 -vf crop=1920:800:0:140 sabo.png
```

Wannan batu na 16 yana kuma bayyana wani abin da kan ɗaure wa mutane kai. Wani lokaci hoton allo yakan fito da ziri mai toka-toka, ba baƙi wuluk ba, saboda manhajar kallo ba ta mayar da 16 zuwa 0 ba. In ka ga haka, ka sani ba zirin kaɗai ba ne, hoton gaba ɗaya ya ɗan kwanta, duhunsa bai kai ba, haskensa ma bai kai ba. Yanka ba zai gyara wannan ba, sai an sake ɗauka da wata manhajar.

Inda dokar fim ɗaya awo ɗaya ke karyewa

Akwai finafinan da siffarsu ke canzawa a tsakiya. Faifan Blu-ray na The Dark Knight, fim ɗin Christopher Nolan na 2008, yana sauyawa tsakanin hoto mai faɗi da wanda ya cika allo, domin an ɗauki wasu fitowa da kyamarar IMAX. A The Grand Budapest Hotel na 2014, Wes Anderson ya yi amfani da siffa uku, kowane zamani na labarin da tasa. A irin waɗannan, firam ɗin awo dole ya fito daga sashe ɗaya da firam ɗin da ake so. Haka abin yake a bidiyon da aka haɗa daga tushe daban-daban, kamar shirin da ke cakuɗa tsohon hoto mai siffar 4:3, wanda zirinsa ke hagu da dama, fiksel 240 kowanne a allon 1920, da sabon ɗauka.

Sai batun rubutu. Finafinan Kannywood da yawa suna zuwa da fassarar Turanci a manne a jikin hoton, kuma in an saka baƙin ziri don fim ya yi kama da na silima, rubutun yakan zauna a cikin zirin ƙasa, ko ya hau kan iyaka, rabi a hoto rabi a baƙi. Haka tambarin tasha ko na kamfanin da ya yi fassara a finafinan Indiya. Umarnin share gefe yana tsayawa cak da zarar ya taɓa harafi, ya bar zirin ƙasa kusan duka. Yankan lamba ba ya tsayawa, amma in rubutun ya hau iyaka zai raba haruffan biyu, ka tashi da kawunan baƙaƙe a gindin hoto. Mafi sauƙi shi ne a matsa gaba ko baya kaɗan zuwa inda mai magana ya yi shiru, rubutun ya ɗauke. In kuwa maganar da aka rubuta ita ce dalilin ɗaukar hoton, to a cire zirin sama, a bar na ƙasa iya inda rubutun ya tsaya, ko a cire duka a sake rubuta maganar a ƙarƙashin hoton.

Wanda hotonsa ya riga ya zama JPEG yana da ƙarin abin lura. Kowane buɗewa, yankewa da sake adanawa yana ƙara masa ɗan lahani, tunda ana sake matse shi. Akwai manhajar jpegtran mai yanka ba tare da sake matsewa ba, sai dai kusurwar sama ta hagu dole ta faɗa kan lambar da ke rabuwa da 8 ko 16, gwargwadon yadda aka adana launin. In hoton na 16 ne ka ce ta fara daga 140, za ta ja baya zuwa 128, ta bar maka sahu goma sha biyu na baƙi. Don haka a nan ba ta da amfani sosai. Gara a yanka sau ɗaya a adana a PNG, a sallami JPEG ɗin.

A waya zalla, ba tare da kwamfuta ba, manhajar hotuna da ke zuwa da wayar ba ta cika ba da wurin rubuta lamba ba. Abin da ya rage shi ne a buɗa hoton da yatsu biyu a cikin akwatin yanka har iyakar ta fito sosai, a shiga cikin hoton da gangan da ɗan kaɗan, sannan a duba bayanan fayil ɗin a ga girman da ya fito. In ana sa ran 1280 da 532 aka ga 1280 da 540, baƙi ya rage. In aka ga 505, an ci hoto da yawa, a sake. In za a tura wa mai buga fasta ta WhatsApp, a tura a matsayin `Document`, domin turawa ta hanyar hoto tana sake matse shi, ta kuma iya rage girmansa.

Gwajin ƙarshe shi ne a ɗora hoton a kan farin shafi, a ƙara girma, a bi gefe huɗun ɗaya bayan ɗaya. Manhajojin duba hoto da yawa suna da baƙin bango, wanda ke ɓoye ainihin abin da ake nema. Sannan a raba faɗi da tsayi: 1920 a raba da 800 ya ba da 2.40, 1280 a raba da 532 ya ba da 2.41, duka suna kusa da 2.39. In amsar ta fito 2.2 ko 2.6 alhali fim ɗin na 2.39 ne, an yi kuskure a wani gefen.

Abu ɗaya da yanka ba zai iya ba shi ne mayar da hoto mai faɗi ya cika gurbin 16:9. Masu haɗa hoton gaba na bidiyo a YouTube sukan gamu da wannan: sun cire ziri, sun ɗora hoton, zirin ya dawo. Wasu sai su ja hoton sama da ƙasa don ya cika, fuskoki su yi tsawo. In ana son cika gurbin ba tare da murɗe kowa ba, sai an sadaukar da gefe. Hoto mai tsayin 800 yana buƙatar faɗin 1422 kawai don ya zama 16:9, wato za a zubar da fiksel 498 daga cikin 1920, sama da rubu’in hoton. Wannan kuma ya fita daga cire ziri, ya zama sake tsara hoton, kuma mai yi sai ya zaɓi wanda zai fita daga cikin mutanen da ke tsaye a gefe.